Daga Shafin Littafi Zuwa Takardar Kwamfuta: Yadda Ake Kwafe Rubutun Hannu Ba Tare Da Rushe Tsarinsa Ba

Kusan kowace ƙungiya a garuruwanmu tana da littafin da sakatare yake rubuta abin da aka tattauna a taro. Ƙungiyar manoma, 'yan adashi, kwamitin masallaci, ƙungiyar iyaye da malamai, duk da biro da littafi suke aiki. Ranar da banki ko wata hukuma ta nemi a kawo bayanan taro a buge, sai a ɗauki hoton shafin da waya a tura wa mai buga takardu, ko a sa wata manhaja ta karanto rubutun daga hoton. Sau da yawa takardar da ke fitowa tana da kyan gani, amma idan aka ajiye ta kusa da littafin sai a ga ba abu ɗaya suke faɗa ba. Kalmomin suna nan, sai dai kuɗin wani ya koma gaban sunan wani, kuma shawarar da aka soke ta dawo kamar an amince da ita.

Dalili shi ne, shafin rubutun hannu yana isar da saƙo ta hanya biyu. Akwai abin da kalmomi suke faɗa, akwai kuma abin da wurin da aka ajiye su yake faɗa. Layin da aka ja a ƙarƙashin kalma yana nuna take ne. Maganar da aka tura ciki kaɗan daga gefe tana nuna reshen ta sama ce. Lambar da ke daidai da wani suna tana nuna kuɗin mai sunan ne. Manhaja tana iya ƙoƙari wajen karanta haruffa, amma wannan tsari mutum ne ya kamata ya gane shi kuma ya sake gina shi. Bari mu bi aikin daga farko zuwa ƙarshe da shafi guda.

Shafin da za mu yi aiki da shi

A ɗauka shafi ne daga littafin wata ƙungiyar manoma. A sama an rubuta “Taron Wata” da kwanan wata, an ja layi a ƙasa. Sai batutuwa uku masu lamba: na 1 kuɗin wata, na 2 sayen taki, na 3 ranar taro na gaba. A ƙarƙashin na 2 akwai ƙananan maganganu biyu, (a) da (b), waɗanda aka tura ciki. A tsakiyar shafin sakatare ya ja jadawali da rula: lambar memba, kuɗin wata, da tara ta makara, na mutum biyar, da jimla a ƙasa. A batu na 3 an rubuta Asabar, aka soke, aka rubuta Lahadi a samanta. Can ƙasan shafin akwai wata jimla da sakatare ya tuna daga baya, ya ja mata kibiya zuwa ƙarƙashin batu na 2. A gefen jadawalin kuma, daidai da memba na 4, wani ya rubuta “ya cika” da jan biro. Daga ƙarshe sai sa hannun shugaba.

Hoton shi ne tushe

Abin da hoto bai ɗauko ba, babu manhajar da za ta dawo da shi, don haka a ba wannan mataki haƙƙinsa. A shimfiɗa littafin a kan tebur, a danne shafin ya kwanta, musamman wajen ɗinki, domin a nan takarda take lanƙwashewa har layuka su karkace. A riƙe wayar a saitin tsakiyar shafin, bayanta yana fuskantar takardar kai tsaye. Idan aka ɗauka daga gefe, saman shafin zai fito a tsuke, ƙasansa a buɗe, layukan jadawali kuma su daina zama daidai da juna.

Hasken rana a inuwa, kamar a bakin taga ko a zaure, ya fi dacewa. Fitilar waya tana yin ƙyalli a kan takarda, tana kuma dusashe rubutun fensir. A lura da inuwar hannu da ta wayar kanta. Idan takardar siririya ce har rubutun bayanta yana leƙowa, a sa baƙar takarda a ƙarƙashin shafin, rubutun bayan zai ragu ƙwarai. A tabbata kusurwoyi huɗu na shafin sun shiga hoton, domin a gefe ne ake samun irin “ya cika” ɗin nan. Kada kuma a mai da hoton fari da baƙi tun da wuri, saboda launin biro shi ne shaidar cewa an ƙara wannan magana daga baya.

Gwajin hoto mai sauƙi ne: a buɗa shi, a faɗaɗa wajen mafi ƙanƙantar rubutu. Idan ido yana rarrabe waƙafi da aya a cikin lambobi, hoton ya yi. Kyamarar yawancin wayoyin yau ta isa. Shafin A4 da aka ɗauka da na'urar sikana a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci yana da fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato ƙasa da miliyan 9, kuma wayoyi da dama sun wuce haka. Inda ake asara shi ne wajen turawa. WhatsApp yana matse hoto idan an tura shi a matsayin hoto, sai ƙananan alamomi su dushe. A tura shi ta zaɓin Document, zai isa yadda aka ɗauke shi.

A karanta tsarin kafin a taɓa madannai

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Kafin a buga harafi ɗaya, a karanta shafin gaba ɗaya, a rubuta taswirarsa a wata 'yar takarda: take ɗaya, batutuwa uku, rassa biyu a ƙarƙashin na 2, da na uku da kibiya ta kawo, jadawali mai layin tsaye uku da layin kwance bakwai, wato na kanu, na mutum biyar da na jimla, kalma ɗaya da aka soke, ƙari ɗaya a gefe, sa hannu ɗaya. Wannan lissafi shi za a riƙe a ƙarshe a auna takardar da shi.

A nan ne kuma ake yanke hukunci kan irin kwafin da ake so. Akwai kwafin shaida, wanda yake nuna komai har da abin da aka soke, irin wanda ake buƙata idan akwai gardama kan kuɗi ko kan abin da aka zartar. Akwai kuma kwafi mai tsabta, wanda yake ɗauke da matsaya ta ƙarshe kawai, irin wanda ake raba wa membobi. Mai littafin ne zai faɗi wanda yake so. Abin da bai halatta ba shi ne a gauraya su, a nuna sokewa a wani wuri a ɓoye ta a wani.

Abin da manhaja take iyawa da wanda ba ta iyawa

Hanyoyin ciro rubutu daga hoto suna hannun kowa. A wayar Android akwai Google Lens, wanda yake ba da damar zaɓar rubutun cikin hoto a kwafe shi. A iPhone akwai Live Text tun daga 2021. A kwamfuta kuma ana iya ɗora hoton a Google Drive, a danna shi da maɓallin dama na linzami, a zaɓi Open with sannan Google Docs, sai ya buɗe sabuwar takarda da hoton a sama da rubutun da ya karanto a ƙasa. Google da kansa ya ba da shawarar kada fayil ɗin ya wuce megabait 2, ya kuma bayyana cewa da wuya wannan hanya ta gane jerin lambobi da jadawali da rubutun da aka raba gida biyu. Wato abubuwan da shafinmu ya dogara a kansu su ne ainihin waɗanda take zubarwa.

Sanin yadda waɗannan manhajoji suke aiki yana nuna inda za su yi kuskure. Suna fara nemo layukan rubutu, su kintaci haruffan kowane layi, sannan su jera layukan yadda suke ganin ana karantawa, yawanci daga sama zuwa ƙasa. Ba su san ma'anar kibiya ba, don haka jimlar da ke ƙasan shafinmu za ta fito a bayan batu na 3 kamar reshensa ce. Kalmar da aka soke kuwa, ko dai ta fito a matsayin tarkacen haruffa, ko ta fito lafiya lau, a sami “Asabar” da “Lahadi” duka biyu ba tare da alamar wacce ce ta tsaya ba. Jadawali kuma yakan fito a warwatse: lambobin membobi a jere, sannan kuɗaɗe a jere, babu abin da ya haɗa su.

Saboda haka a ɗauki abin da manhaja ta bayar a matsayin ɗanyen rubutu. Idan rubutun hannun a rarrabe yake, harafi bayan harafi, za ta rage wahala sosai. Idan kuwa haɗaɗɗen rubutu ne na gaggawa, gyaran kurakuranta yakan fi bugawa da hannu cin lokaci, kuma shafi guda bai fi ƙarfin mai bugawa ba.

Sake gina shafin

A buɗe hoton a rabin allo, takardar Word a ɗaya rabin. A liƙa ɗanyen rubutun ta zaɓin Keep Text Only don kada ya shigo da wani ado. Sannan a danna alamar ¶ da ke saman allo, wadda take bayyana inda kowane sakin layi ya ƙare. Za a ga sau da yawa an yanke jimla a duk inda layin littafin ya ƙare. Wannan yankewa faɗin takarda ne ya jawo ta, ba nufin marubuci ba ne, don haka a haɗe layukan kowace magana su zama sakin layi ɗaya. Banda waƙa da adireshi, inda ƙarshen layi yake da ma'ana.

Daga nan sai take. Kuskuren da aka saba shi ne a ƙara wa kalmomin girma a yi musu kauri kawai. Ido zai ga take, amma kwamfuta ba ta san take ba ne. A ɗora alamar rubutu a kan layin a zaɓi Heading 1 daga jerin Styles, ƙananan take kuma Heading 2. Amfanin wannan yana fitowa idan shafuka sun yi yawa: Word zai iya jero abubuwan da ke ciki da kansa, kuma sauya kamannin Heading 1 a jerin Styles zai sauya duk take da aka sa wa shi.

Batutuwa masu lamba a yi su da maɓallin Numbering, rassan kuma a tura su ciki da maɓallin Tab, kada a yi ta danna tazara har magana ta matsa. Tazarar da aka tara da hannu tana wargajewa da zarar an sauya girman harafi ko an buɗe takardar a waya. A lura da abu ɗaya: Word yana gyara lambobi da kansa. Idan sakatare ya yi tsallake daga 3 zuwa 5 a littafinsa, Word zai mai da 5 ta zama 4, alhali wataƙila a wani shafin an ce “duba batu na 5”. A kwafin shaida a bar lambar yadda take a littafi, ko da za a buga ta da hannu.

Jimlar da kibiya ta nuna a kai ta inda kibiyar ta ce, ƙarƙashin batu na 2 bayan (b). Asabar da aka soke, a kwafin shaida a buga ta a ja mata layi a tsakiya da maɓallin Strikethrough, Lahadi ta biyo baya. “Ya cika” na gefe kada a cusa shi cikin jadawali kamar tun farko yana ciki. A sa shi a ƙasan jadawalin da bayani cewa an ƙara shi a gefe da jan biro daidai da memba na 4. Kalmar da ta gagara karantuwa a rubuta “ba a gane ba” a cikin baka mai kusurwa a wurinta, a tambayi mai littafin. Sa hannu kuwa ba a buga shi. A rubuta cewa akwai sa hannun shugaba a asali.

Jadawali, inda kuɗi suke

Hanya mafi aminci ita ce a buga kowane layin kwance shi kaɗai, ana kallon hoton, a raba gidajen da alama guda. Kada a raba da waƙafi, domin akwai waƙafi a cikin 5,000. A yi amfani da waƙafi mai ɗigo:

```
Memba;Kuɗin wata;Tara
1;5,000;500
2;5,000;
3;7,000;200
4;2,500;
5;3,000;500
Jimla;22,500;1,200
```

A zaɓe layukan duka, a shiga Insert, sai Table, sai Convert Text to Table, a nuna masa alamar da aka raba da ita. Zai fito da jadawali mai layin tsaye uku da layin kwance bakwai, daidai da taswirarmu. Lambobin kuɗi a jingina su dama don sifili ya hau kan sifili.

Dubi layin memba na 2 da na 4: an sa alamar rabuwa, an bar gidan tara babu komai. Wannan gida da ba kowa a cikinsa bayani ne, yana cewa mutumin bai makara ba. Manhaja ba ta ganin abin da ba a rubuta ba. Za ta kawo 500, 200, 500 a jere, wanda bai kula ba sai ya zuba su a gidaje uku na farko, tarar memba na 3 ta hau kan na 2, ta na 5 ta hau kan na 3. Jimla za ta ci gaba da zama 1,200, babu abin da zai nuna an yi kuskure, amma an ɗora wa mutumin da ya zo a kan lokaci tara, an kuma wanke wanda ya makara. Maganin wannan shi ne a bi jadawali a kwance, mutum bayan mutum, ana ɗora rula a kan shafin ko yatsa a kan hoton.

Kuskuren karanta lamba kuwa jimla tana kama shi. A tara kuɗin da aka buga da kalkuleta, ko a sa wannan a wani gida na wucin gadi a ƙasan lambobin ta zaɓin Formula:

```
=SUM(ABOVE)
```

A yi shi a layin da babu gidan da aka bari fayau, kuma kafin a sa jimlar littafin, don kada ya haɗa da ita. A ce lissafi ya ba da 16,500 alhali littafi ya ce 22,500. Bambancin 6,000 ne, kuma shi kansa yana nuna inda za a duba: 7 da aka karanta a matsayin 1 ita take rage 6, ga kuma 7,000 na memba na 3. A rubutun hannu 1 da 7, 4 da 9, 0 da 6, 3 da 8 su ne suka fi rikicewa. Idan kuma bambancin yana rabuwa da 9 ba saura, a fara zargin an juya lambobi biyu: 2,500 da ta zama 5,200 tana ba da bambancin 2,700, wato 300 sau 9.

Wani lokaci kowace lamba daidai take da hoton, amma jimlar littafin ce ba daidai ba. A nan mai bugawa ba shi da hurumin gyarawa a ɓoye. Ya buga abin da ke littafin, ya sanar da sakatare da ma'aji. Wataƙila lissafi aka kuskure, wataƙila kuma akwai kuɗin da aka karɓa ba a rubuta ba, kuma gyaran shiru zai binne wannan tambaya.

Haruffa masu lanƙwasa

Rubutun Hausa yana da tasa matsalar. Lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ƙarama ce a rubutun hannu, manhaja kuma takan mai da su k da d da b. “An tarbi baƙi” sai ta koma “an tarbi baki”, “kuɗin ya ɓata” ta rasa lanƙwasarta biyu. Bayan an gama tsari, a bi takardar sau ɗaya don waɗannan haruffa kaɗai. A waya, madannan Gboard suna da Hausa. A Word na kwamfuta mai Windows ana buga lambar harafin sannan a danna Alt da X tare:

```
U+0199  ƙ
U+0257  ɗ
U+0253  ɓ
U+01B4  ƴ
U+20A6  ₦
```

A bi ƙa'idar mai littafin: a Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya an fi rubuta 'y. A kuma kashe AutoCorrect, domin idan an saita Word a kan Turanci yakan sauya wasu kalmomin Hausa ba tare da an lura ba. Idan harafi ya fito kamar ɗan akwati, ko ya bambanta da 'yan'uwansa, nau'in rubutun da aka zaɓa ne ba shi da harafin, sai a sauya wani. Shafin da aka haɗa boko da ajami kuwa, a buga ajamin da madannan Larabci daga dama zuwa hagu, ko a yanko hoton wannan layi a liƙa shi a wurinsa.

Dubawa ta ƙarshe

A ɗauko taswirar da aka rubuta tun farko a ƙirga: take ɗaya, batutuwa uku, rassa uku a ƙarƙashin na 2, layin kwance bakwai, sokewa ɗaya, ƙarin gefe ɗaya, sa hannu ɗaya. Sannan mutum biyu su zauna, ɗaya yana karanta littafin da ƙarfi, ɗaya yana bin takardar da ido. Lambobi a karanta su ɗaya bayan ɗaya, “bakwai, sifili, sifili, sifili”, domin wanda ya buga rubutu yakan ga abin da yake zato ne a wurin.

A ajiye fayil biyu: na Word don gyara, da PDF don rabawa, saboda PDF ba ya sauya tsari daga waya zuwa waya. A sa kwanan watan taron da lambar shafin littafin a sunan fayil ɗin, a kuma liƙa hoton asali a shafin ƙarshe, yadda duk mai shakka zai iya gwadawa da idonsa. Shafin da ke ɗauke da sunayen mutane da basussukansu ko rashin lafiyarsu, a nemi izinin masu shi kafin a ɗora shi a kowace manhaja, domin da yawansu suna aika hoton ta intanet ne kafin su karanta. In an buga a shago, a tabbata an goge hoton daga kwamfutar shagon.

Sakatarori da ma'ajin ƙungiyoyi, littafinku shi ne asali, takardar da aka buga kwafi ce. Kada ku yar da littafin don an buga, kuma kada ku sa hannu a kan takardar da ba ku gwada ta da shi layi bayan layi ba.